Sauron da Muke Kiwo a Kan Soro

Duk wanda ya hau Dutsen Dala a watan Agusta ya leƙo birni, zai ga abin da mai tafiya a lungu ba ya gani. Rufin gidaje daga Madabo zuwa Koki, daga Jakara zuwa Mandawari, ya zama ma'ajiyar kayan da aka gaji da su amma aka kasa rabuwa da su. Ga tsohuwar taya an danne kwanon rufi da ita don kada iska ta yaye shi, ga bokitin da hannunsa ya cire, ga gwangwanin fenti, ga fasasshiyar randa da aka ce wata rana za ta yi amfani. A ƙasa kuma, cikin lungu da bayan ɗaki, robobin lemo ne da gwangwanayen tumatir da robar abincin biki, wadda ake ci a yar. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana tare ruwan sama, kuma kowane ɗaya gidan haihuwar sauro ne. Abin kullum ƙaruwa yake, domin kayan roba sun yi arha, kuma ba sa ruɓewa kamar yadda ganye da sakaina suke yi a da. Gargaɗina ga Kanawan cikin badala shi ne, sauron da ake reno a waɗannan mazubai ba irin wanda muka saba da shi ba ne, kuma tsaftar ƙarshen wata, yadda muke yin ta yanzu, ba ta taɓa shi.

Sauron gari ba iri ɗaya ba ne, kuma rashin bambance su yana sa a yi aiki a inda ba nan matsalar take ba. Wanda ya fi damun mu da kuka a kunne cikin dare, wanda ke tashi daga kwata da ruwan wanke-wanke mai wari, shi masana ke kira kyuleks. Mai kawo zazzaɓin cizon sauro, wato anofilis, ya fi son ruwan da ya kwanta a ƙasa rana tana dukansa: sawun mota a hanyar da ba kwalta, ramin da aka haƙi ƙasar gini, bakin kududdufi. Na uku shi ne edis, ɗan ƙarami baƙi mai zanen fari a ƙafafu, kuma shi ne na gwangwani da taya da randa. Da rana yake cizo, musamman da hantsi da kuma daga la'asar zuwa magariba, sau da yawa a ƙafa da idon sawu. Gidan sauro ba ya kare yaron da ke zaune da allonsa a zaure da la'asar. Wannan sauron shi ke ɗaukar cutar shawara da zazzaɓin dengi daga mutum zuwa mutum.

Kada wani ya ce waɗannan cututtukan na nesa ne. A watan Nuwamban 2023 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa ta tabbatar da ɓarkewar dengi a Jihar Sakkwato. A shekarar 2023 ɗin dai dengi ta kashe mutum fiye da 700 a Burkina Faso, yawancinsu a Wagadugu da Bobo Julaso, garuruwan da suke da damina da rani kamar namu, suke kuma ajiye ruwa a duro da randa kamar yadda muke yi. Shawara kuwa ta dawo Najeriya a 2017 daga Jihar Kwara, a 2019 ta ɓarke a Alkaleri ta Jihar Bauchi. Kano gari ne da fatake ke shiga kullum daga duk waɗannan wurare. Mutum ɗaya da ya sauka a Kurmi ko Kantin Kwari da ƙwayar cutar a jininsa ya isa, muddin ya tarar da sauron da zai ɗauke ta yana jiransa a lungun da ya kwana.

Akwai kuma abin da ya fi wannan tayar mini da hankali. Wani nau'in anofilis ɗan asalin Asiya, mai suna sitifensi, ya shigo Afirka. Shi ba ya neman kududdufi: a tankin ruwa da duro da taya yake haihuwa, kamar edis, amma zazzaɓin cizon sauro yake yaɗawa. An fara ganinsa a Jibuti a 2012, shekarar da ƙasar ta ƙirga masu zazzaɓin 27 kacal, tana gab da rabuwa da cutar. Zuwa 2020 adadin ya haura 73,000. A 2022 ya haddasa ɓarkewar zazzaɓi a tsakiyar rani a birnin Dire Dawa na Habasha. An kuma same shi a samfurin da aka tattara a Jihar Gombe a 2020. Daga Gombe zuwa Kano tafiyar yini ɗaya ce ga babbar mota mai ɗauke da taya ko duro. Idan ya zauna a cikin birni, ɗan hutun da muke samu daga zazzaɓi bayan an ɗauke ruwa zai ƙare, domin ajiyar ruwanmu ba ta san rani ba.

Don a ga inda tsaftarmu ke kuskure, sai a bi rayuwar edis a cikin taya ɗaya. Mu ɗauki misalin gida a wani lungu na Yakasai, mai taya a kan rufin ɗakin girki. An yi tsaftar ƙarshen wata ranar Asabar, an share ƙofar gida, an yashe kwata, ba wanda ya hau sama. Ranar Lahadi da dare aka yi ruwa. Siffar taya ta sa duk yadda aka ajiye ta sai ruwa ya maƙale a cikin kumatunta, ga duhu, ga ɗumi, ga busasshen ganyen darbejiya da ya faɗa ciki ya zama abinci. Macen edis ba ta zuba ƙwanta a kan ruwa. A jikin mazubin take manna su, ɗan sama da inda ruwan ya tsaya, kusan ɗari a zubi guda, ta kuma rarraba su a mazubai da yawa. Ƙwan baƙaƙe ne ƙanana, mai kallo zai ɗauka dattin roba ne. Da aka sake ruwa ranar Laraba, ruwan ya hau ya rufe su, suka ƙyanƙyashe. Kwana biyar ko shida tsutsar tana wutsil-wutsil tana girma, sai ta dunƙule ta zama wani abu mai babban kai da ke tsalle a ruwa idan an taɓa, ta yi kamar kwana biyu a haka, sannan sauro ya fasa ya tashi. Daga ƙyanƙyasa zuwa tashi, a ɗumin damina, mako guda ne zuwa kwana goma. Ke nan kafin Asabar ɗin tsafta ta zagayo, bayan mako huɗu ko biyar, wannan tayar kaɗai ta yaye sauro zubi uku ko huɗu, 'ya'yan fari har sun ciji mutanen gidan sun dawo sun zuba nasu ƙwan a cikinta.

A ce wani yaro ya hau ya girgiza tayar ya zubar da ruwan. Tsutsar ta mutu, amma ƙwan da ke manne a jiki yana nan. Ƙwan edis yana jure bushewa wata da watanni. Zai iya ƙetare hunturu da bazara a jikin taya ko bangon randa, ruwan farko na damina ya tashe shi. Saboda haka zubar da ruwa rabin aiki ne. Abin da za a ci gaba da amfani da shi, sai an dirje cikinsa da soso ko buroshi, musamman da'irar nan da ruwa ke bari a jiki, sannan a kife ko a rufe. Abin da ba a bukata kuwa, sai ya bar gidan gaba ɗaya.

Edis ba matafiyi ba ne. Yawancinsa yana ƙare rayuwarsa a gidan da aka haife shi ko gidajen da ke kewaye, da wuya ya wuce 'yan mitoci ɗari kaɗan. A cikin birni, inda katangar wannan ita ce bangon ɗakin wancan, ma'anar haka a fili take: sauron da ya ciji jaririyarki da hantsi, ko daga gidanki ya fito, ko daga na maƙwabta. Ba daga Jakara ya taso ba, ba kuma daga bolar bakin titi ba. Wannan ne ya sa nake kiran abin laifi, ba sakaci kawai ba. Wanda ya tara tayoyi da gwangwanaye a bayan ɗakinsa yana cutar da maƙwabcin da ya tsaftace nasa gidan, kuma haƙƙin maƙwabtaka ba abin wasa ba ne a wurin Musulmi. An kuwa umarce mu tun tuni a hadisi da mu riƙa rufe ƙoƙuna da bakin salka. Amma wannan gajeren zangon nasa shi ne kuma sa'armu. Lungu ɗaya da ya haɗa kai zai ga bambanci a cikin 'yan makonni, ko da sauran gari bai motsa ba.

Kano ba baƙuwar wannan aiki ba ce. Dattawan birni suna tuna duba-gari na zamanin En'e, wanda ba ya tsayawa a ƙofar gida. Yana shiga, ya buɗe randa ya leƙa, ya duba tulu da kaskon kaji da bayan gida, in ya ga tsutsa mai gida ya amsa tambaya a gaban hukuma. An ji tsoronsu, an kuma yi kuka da su, don wasu sun wuce gona da iri, wasu sun mai da aikin hanyar karɓar na goro. Duk da haka sun san abu ɗaya da muka manta, cewa sauro a cikin ruwa ake kama shi, kafin ya yi fiffike. Tsaftar da muke yi yanzu jikar Yaƙi da Rashin Ɗa'a ce ta zamanin Buhari da Idiagbon, kuma a nan Kano aka ƙaddamar da ɓangaren tsaftar muhalli na shirin a 1985. Daga nan muka gaji Asabar ɗin ƙarshen wata, a tsayar da ababen hawa daga ƙarfe bakwai zuwa goma na safe. An gina ta ne don gari ya yi kyan gani, kuma tana da amfaninta: kwatar da aka yashe tana rage kyuleks, tana rage ambaliya, tana hana ruwa kwanciya a lungu. Sai dai idonta yana kan titi da bakin kasuwa, inda ayarin manya zai wuce. Ba ta hawa soro, ba ta shiga tsakar gida. Sau da yawa ma abin da aka yaso daga kwata, robobi da gwangwanaye cikin baƙin taɓo, a nan gefen kwatar ake jibge shi ya kwana biyar yana jiran motar hukumar kwashe shara, wadda ba ta iya shiga lungun da kura ma da ƙyar take ratsawa. Ruwa ya zo ya cika robobin, ya mayar da sauran inda aka ciro su.

An gwada ɗaya hanyar a wasu wurare, kuma sakamakon yana rubuce. A Habana ta ƙasar Kyuba, a 1901, likitan soja Wiliyam Gogas ya raba gari shiyya-shiyya, ya sa ma'aikata bin gida-gida suna rufe duro suna kwashe duk abin da ke tare ruwa, kuma kafin shekarar ta ƙare shawara ta tsaya a garin da ta daɗe tana kisa duk shekara. Birazil ta bi wannan hanya har aka shaida a 1958 cewa ta kawar da edis daga ƙasarta. Da aka saki jiki aka rage masu duba, sauron ya dawo, yau kuma dengi tana kama miliyoyin mutane a can. A kusa-kusan nan, wani gwaji da aka yi a unguwannin Managuwa ta Nikaraguwa da kuma Jihar Gerero ta Meziko, aka buga sakamakonsa a 2015, ya nuna cewa inda mutanen unguwa da kansu suka riƙa bin gidaje suna nuna wa masu gida tsutsar da ke cikin mazubansu suna kuma shirya gayyar kwashe tarkace, kamuwar yara da dengi ta ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari. Ba su kawar da cutar ba, kuma bai kamata a yi wa kowa alkawarin haka ba. Amma da hannu da ido aka samu wannan ragin, ba da feshi ba.

Na ambaci feshi ne don na san shi mutane ke roƙo. Da sauro ya yi yawa sai a ce gwamnati ta zo ta yi feshi, ko mai gida ya sayo ota-fiya-fiya ya turnuƙe ɗakin da yara za su kwana, abin da kan jawo wata cutar daban. Feshi yana kashe wanda ke tashi a ranar. Bai taɓa ƙwan da ke jikin taya ba, bai shiga randa ba, bayan mako guda sabon zubi ya maye gurbi.

Gayyar da za ta yi aiki a cikin birni dole ta zama ta mako-mako daga ruwan farko har zuwa Oktoba, don ta riƙa katse rayuwar sauron kafin ya tashi, kuma ba ta bukatar awa uku. Rabin awa bayan an karya kumallo ya isa gida ɗaya. Mai unguwa da limamin masallacin lungu su tsayar da rana guda. Samari su hau sama, su duba indararon da ganye ko leda ya toshe, su sauko da duk abin da aka jefa can. Tayar da dole sai an bar ta a kan kwano, a huda ta ta ɓangarori da yawa yadda ruwa zai zube ko ta ina aka kwantar da ita, ko a cika ta da yashi. Mai faci da mai sayar da tsofaffin tayoyi su jera nasu a ƙarƙashin rumfa, ko su lulluɓe su da tamfol da aka ja ya miƙe, don tamfol mai lotsawa shi kansa yana tare ruwa. Kada a ƙona taya, hayaƙinta guba ne ga ƙirjin yara da tsofaffi. Gwangwani da roba da ƙarfe a tara su a buhu, a ɗaure baki, a ajiye a inuwar da ruwa ba ya duka, a kira ɗan jari-bola ya auna ya biya. Abin da ba mai saye, kura ta fitar da shi bakin titi a ranar, ba gobe ba. Ga 'yan jari-bolan kansu akwai magana: wurin da suke tara kaya a fili, robobi baki sama har tsawon damina, yana iya cika unguwa guda da sauro, don haka rufe kayan ya zama sharaɗin zama a cikin mutane.

Cikin gida kuwa aikin mata ne, kuma duk gayyar da ta manta da haka a zaure za ta tsaya. Gidajen birni da yawa ba shiga ne. An riga an san maganin wannan, don mata ne suka riƙa shiga gida-gida lokacin rigakafin shan-inna. Irin waɗannan matan, 'yan unguwa da aka sani aka yarda da su, su ne za su duba randa da duro da jarka. Ba za a ce wa matar da ke sayen ruwa jarka-jarka a wurin 'yan ga-ruwa ta zubar da ruwanta ba, wannan rashin sanin halin da ake ciki ne. Abin da za a nema a wurinta shi ne murfi mai kama baki, ko ƙyalle mai kauri da aka ɗaure da roba, domin faifai ko tiren da aka ɗora sama-sama yana barin ƙofar da sauro zai bi. Sau ɗaya a mako a ƙarar da ruwan a wanki ko wanke-wanke, a dirje cikin mazubin, sannan a sake cikawa. A tuna da ƙananan wuraren da ido ke tsallakewa: kaskon ruwan kaji da tattabaru, butar da aka daina amfani da ita a bayan gida, turmin da aka bari a tsakar gida baki sama, da ɗan faranti da ke bayan firji yana tarar ruwa.

Gane ko aikin yana ci ba wuya. A ɗebo ruwan mazubi a farin kwano, ko a haska tocila a cikin duro. Tsutsar da ta rataye kai ƙasa daga saman ruwa, tana nutsewa da sauri in inuwa ta gifta, ta edis ce ko kyuleks. Wadda ta kwanta miƙe a saman ruwan, ta anofilis ce, kuma duk wanda ya ga irin wannan a cikin duro ko tanki ko taya, ya zuba ta a kwalba da ruwanta ya kai wa jami'in lafiyar muhalli na ƙaramar hukuma, Dala ko Gwale ko Birni, domin tana iya zama alamar baƙon da na ambata. Masu gayya su riƙe littafi ɗaya: gida nawa aka shiga, gida nawa aka samu tsutsa, kuma a cikin me. In lungu mai gida hamsin ya fara da ashirin, bayan wata guda ya koma biyar, an san ana tafiya. In adadin ya ƙi sauka, littafin zai nuna ko tayoyi ne, ko duro, ko wani kango da magada suka rufe suka tafi, wanda sai mai unguwa ya nemo mai mabuɗinsa.

Duk wannan ba ya maye gurbin gidan sauro, don anofilis na kududdufi yana nan yana cizo da dare, ba ya kuma maye gurbin maganin rigakafin zazzaɓi da ake rabawa yara ƙanana a watannin damina. Allurar shawara ana yi wa yaro ita a wata tara, sau ɗaya tak ta isa har ƙarshen rayuwa, kuma babban da bai taɓa yi ba ya nema. Idan zazzaɓi mai zafi ya zo da ciwon bayan ido da ciwon gaɓoɓi, aka gwada jini ba a ga na cizon sauro ba, kada a ci gaba da ɗura wa mara lafiya maganin maleriya daga kemis. A ba shi farasitamol da ruwa mai yawa, a guji asfirin da ibufurofen don suna ƙara zubar jini a dengi. Lokacin da ya fi haɗari shi ne sa'ad da zafin jikin ya sauka, tsakanin kwana na uku da na bakwai. In a lokacin aka ga ciwon ciki mai tsanani, ko amai ba tsayawa, ko jini a dasashi ko hanci, ko kuma idon mara lafiya ya koma rawaya, a kai shi asibiti a sa'ar nan, a kuma gaya wa mai unguwa, don a duba gidajen da ke kewaye da nasa tun a ranar.